Gargaɗi da sitirayik a tashar YouTube: tambayoyin da masu tashoshi a Kano ke yawan yi

Masu tashar YouTube a Kano, daga masu shirya finafinai masu dogon zango a titin Zoo Road zuwa masu ɗora karatun malamai da masu labaran unguwa, kusan tambaya ɗaya suke yi ranar da saƙon hukunci ya shigo: yaushe zai fita, kuma me aka hana ni? Amsar tana buƙatar a fara gane abu biyu. Rajistar laifi biyu YouTube take ajiyewa, ɗaya ta karya dokokin dandali, ɗaya ta haƙƙin mallaka, kuma ba a haɗa lissafinsu. Sannan kowane sitirayik, wato laifin da aka rubuta wa tasha a rajistar, da nasa agogon. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa.

An cire min bidiyo, an aiko min da saƙo. Ta yaya zan san wane irin hukunci ne?

Ka shiga YouTube Studio, wurin da mai tasha ke kula da tasharsa, ka duba shafin farko, wato Dashboard. Idan akwai hukunci a kan tashar za ka ga katin da ke nuna shi, da sunan bidiyon da dokar da aka ce ya karya. A shafin Content kuma, layin Restrictions yana nuna abin da ya hau kan kowane bidiyo.

Idan ka ga an rubuta Community Guidelines, maganar dokokin dandali ce: tsiraici, zubar da jini, cin zarafin wani, kalaman ƙiyayya ga wata ƙabila ko addini, damfara, jefa yara cikin haɗari da makamantansu. Idan ka ga Copyright strike, wani ne ya shigar da ƙorafi a hukumance cewa ka ɗauki kayansa. Waɗannan biyun su ne ke iya kai tasha ƙasa.

Akwai kuma abubuwan da ke tayar wa mutane hankali alhali ba sitirayik ba ne. Alamar dala mai ruwan ɗorawa tana nufin an rage talla a kan bidiyon. Sanya wa bidiyo iyakar shekaru yana nufin sai wanda ya kai 18 zai kalla. Da'awar Content ID kuma na'ura ce ta gano waƙa ko hoton wani a cikin bidiyonka. Duk ukun suna taɓa kuɗi ko yawan masu kallo, amma ba sa shiga lissafin sitirayik uku da ke rufe tasha.

Mene ne bambancin gargaɗi da sitirayik?

Gargaɗi shi ne abin da yawanci ake ba tasha a karon farko da ta karya dokokin dandali. Za a cire bidiyon, amma ba za a hana ka komai ba. A ranar ma kana iya ɗora wani. Wannan tsarin ya fara aiki ne a watan Fabrairun 2019, kuma a lokacin sau ɗaya ake ba da gargaɗin a duk rayuwar tasha, ba ya gogewa.

Sitirayik shi ne abin da ke biyo baya idan ka sake laifi alhali gargaɗin yana nan. Shi kam yana zuwa da takunkumi.

Kada dai ka ɗauka kowa sai an yi masa gargaɗi tukuna. Laifi ɗaya mai muni, kamar abin da ya shafi lalata da yara, ko tashar da aka buɗe musamman don damfara ko yaɗa ƙiyayya, yana iya jawo rufewa nan take ba tare da an bi matakala ba.

Na ji an ce yanzu gargaɗi yana gogewa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma da sharaɗi, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna sakaci. Tun watan Agustan 2023 YouTube ta fito da ɗan gajeren horo ga wanda aka yi wa gargaɗi. Tambayoyi ne kaɗan a kan dokar da ka karya, a cikin YouTube Studio ake yin su. Idan ka kammala, sannan ka yi kwana 90 ba ka sake karya wannan dokar ba, gargaɗin ya fita. Idan ba ka yi horon ba, yana nan daram ko da shekara biyar ta wuce.

Kwana 90 ɗin daga ranar da ka gama horon ake fara ƙirga su, ba daga ranar da gargaɗin ya zo ba. A ce an yi maka gargaɗi ranar 10 ga Janairu saboda ka ɗora hoton haɗarin mota ba ka rufe jini ba. Ka yi ta jan ƙafa, sai ranar 25 ga Janairu ka zauna ka yi horon. To wajen 25 ga Afrilu gargaɗin zai fita. Makonni biyun da ka ɓata kai ka ƙara wa kanka su.

Abin da zai faru a cikin waɗannan kwanaki ya danganta da irin laifin. Idan ka sake karya dokar nan ta zubar da jini kafin 25 ga Afrilu, gargaɗin ba zai fita ba, kuma sitirayik na farko ya hau. Idan wata doka daban ka karya, misali ka sa hoton bango na yaudara, wani gargaɗin za a sake ba ka a kan ita. Idan kuma bayan 25 ga Afrilu ne ka sake laifin farko, gargaɗi za ka sake samu. Sai dai YouTube ta faɗa ƙarara cewa mai yawan maimaitawa tana iya hana shi damar horon, don haka ba ƙofa ba ce da za a riƙa shiga ana fita.

Shawarata ita ce duk wanda ya taɓa samun gargaɗi ya koma ya duba ko maɓallin horon yana nan, ya yi shi yau. Tashoshi da yawa suna ɗauke da tsohon gargaɗin da masu su suka manta da shi, sai ranar da wani ƙaramin kuskure ya faru su ga an dakatar da su kai tsaye, su yi ta mamakin yadda aka tsallake gargaɗi.

Sitirayik na farko me yake hanawa?

Mako ɗaya ba za ka iya wallafa komai ba. Ba ɗora bidiyo, dogo ko gajere. Ba watsa shiri kai tsaye, ko da ka riga ka sanar da lokacinsa. Ba shirya Premiere, wato haska sabon bidiyo a wani tsayayyen lokaci don a kalla tare, ba sa wa bidiyo lokacin fita, ba sauya hoton bango da naka, ba rubutu a shafin sanarwar tasha, ba ƙirƙira ko gyara jerin bidiyoyi. Tsofaffin bidiyoyinka suna nan, jama'a za su ci gaba da kallo.

Abu biyu ke kama mutane ba shiri. Na farko, bidiyon da ka riga ka ɗora ka sa masa ranar fita ba zai fita ba. Za a mayar da shi Private, wato a ɓoye shi daga jama'a, kuma bayan an sake ka sai ka koma da hannunka ka sake sa masa lokaci. Mai fim mai dogon zango da ya saba sakin sabon kashi duk daren Juma'a ya sani cewa kashin wannan makon ya tsaya, ko da tun jiya ya gama ɗora shi. Haka mai watsa tafsiri kai tsaye a watan azumi: kwana bakwai cikin talatin sun tafi.

Na biyu, makon yana fara ƙirguwa ne daga lokacin da ka buɗe sanarwar ka amince ka gani. Wasu suna ƙin taɓa saƙon don fushi ko tsoro, suna zaton kwanakin suna tafiya. Ka buɗe, ka karanta, ka danna amincewa. Wannan ba ya hana ka ɗaukaka ƙara.

Bayan mako ɗaya takunkumin yana sauka da kansa. Amma sitirayik ɗin yana nan a rajista har kwana 90 daga ranar da aka ba da shi. Sakin hannu daban, gogewar laifi daban.

To na biyu da na uku fa? Yaya lissafin yake?

Idan na biyu ya zo alhali na farko bai cika kwana 90 ba, dakatarwar mako biyu ce. Idan uku suka haɗu a cikin kwana 90 guda, tashar tana fuskantar rufewa ta dindindin. Bari mu bi misali da ranaku, domin a baki abin yana rikitarwa.

Ɗauki wata tashar barkwanci da ake ɗauka a Ɗorayi, mai tsohon gargaɗin da ba a yi masa horo ba. Ranar 3 ga Maris aka cire mata wani bidiyo na wasan tsokana mai haɗari. Wannan shi ne sitirayik na farko: mako ɗaya a zaune, kuma zai fita ranar 1 ga Yuni.

Ranar 20 ga Afrilu aka kama wani tsohon bidiyonta da aka ci mutuncin wani mutum da sunansa. Na biyu ke nan: mako biyu a zaune, kuma shi sai 19 ga Yuli zai fita. Ka lura na biyun bai tsawaita na farko ba, kuma fitar na farko ba za ta tafi da na biyu ba.

Lokacin haɗari na gaske shi ne daga 20 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni, makonni shida cur da tashar ke ɗauke da biyu. Duk abin da ya faɗo a wannan tsakanin, ko ranar 30 ga Mayu ce, shi ne na uku. Idan kuwa sai ranar 10 ga Yuni wani laifin ya zo, na farko ya riga ya fita, don haka biyu ne a kanta: wata dakatarwar mako biyu, sannan sabon lokacin haɗari har zuwa 19 ga Yuli.

Da ni ne mai wannan tasha, a waɗancan makonni shida ba zan saki komai mai shakku ba, kuma zan zauna in bi tsofaffin bidiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka yanke hukunci ake dubawa, ba ranar da aka ɗora bidiyon ba. Abin da ka saka shekara uku da suka wuce yana iya zama na ukunka gobe.

Kuma ko bayan duk sun fita, tsohon gargaɗin da ba a goge ba yana nan. Laifi na gaba daga sitirayik na farko zai fara.

Idan na goge bidiyon da sauri, ba shi ke nan ba?

A'a. Goge bidiyo ba ya cire gargaɗi ko sitirayik, kuma yana iya toshe maka hanyar ɗaukaka ƙara, tunda abin da za a sake dubawa ya tafi. Mayar da bidiyo Private ko Unlisted, wato sai mai adireshinsa ke iya gani, ma ba kariya ba ce, dokokin suna aiki a kansu. Haka kuma ba bidiyo kaɗai ake hukuntawa ba: hoton bango, adireshin wani shafi da ka liƙa a ƙarƙashin bidiyo, da rubutun sanarwa duk suna iya jawo shi. Masu karɓar tallan magungunan ƙarfin maza da na shafukan ninka kuɗi su kula da wannan sosai.

Wuri ɗaya ne gogewa ke ceto, kuma a ɓangaren haƙƙin mallaka yake. Zan zo kansa.

Ina da wata tashar. Zan iya saka shirin wannan makon a can?

Kada ka yi. YouTube tana ɗaukar wannan a matsayin kauce wa hukunci, kuma tana iya rufe tashoshin duka biyu saboda shi. Na san abin da ciwo, musamman idan mai talla ya riga ya biya kuɗi kuma yana kiran waya. Gara ka yi masa bayani, ka sanar da masu kallo a Facebook ko WhatsApp cewa an ɗaga shirin, da ka sayar da aikin shekaru saboda kashi ɗaya.

Ina ganin zaluntata aka yi. Yaya ake ɗaukaka ƙara?

A katin hukuncin da ke Dashboard akwai maɓallin Appeal. Sau ɗaya ake ɗaukaka ƙara a kan kowane hukunci, don haka kada ka rubuta cikin fushi, kada kuma ka cika wurin da roƙo da rantsuwa. Ka karanta dokar da aka ambata, ka faɗi minti da daƙiƙar da ake magana a kai, ka bayyana abin da ke faruwa a wurin. Ga bidiyon Hausa wannan yana da nauyi, domin ba lallai mai dubawa ya san wasan dangi ko barkwancin da ke tsakanin ƙabilu ba. Idan fage ne na fim, ka ce fim ne, jinin na kwalliya ne. Idan rahoto ne ko faɗakarwa, ka nuna inda aka yi bayanin a cikin bidiyon.

Sakamakon yana iya zama a dawo da bidiyon a cire hukuncin, ko a dawo da shi da iyakar shekaru a cire hukuncin, ko a ƙi. Idan an ƙi, ba a ƙara maka wani hukunci saboda ka nemi a duba.

Sitirayik na haƙƙin mallaka shi ma haka yake tafiya?

Ba haka ba. A nan babu gargaɗin farko. Da mai kaya ya shigar da buƙatar cirewa kuma aka ga ta cika ƙa'ida, bidiyon ya sauka, sitirayik ya hau. Ba ya zuwa da dakatarwar mako ɗaya irin ta ɗaya ɓangaren, sai dai idan shirin kai tsaye aka yanke maka saboda haƙƙin mallaka, za a hana ka watsa kai tsaye na kwana 7. Masu haska wasan ƙwallo daga talabijin sun san wannan.

Hanya uku ce ta fita. Ta farko, ka yi Copyright School, 'yan tambayoyi ne, ka jira kwana 90. Idan ba ka yi ba, kada ka sa ran zai fita. Ta biyu, ka nemi wanda ya yi ƙorafin ya janye. A Kano wannan ita ce ta fi sauri, domin sau da yawa mai waƙar ko furodusan ba shi da nisa, ana iya samun wanda ya san shi a zauna a daidaita. Amma faɗa da baki cewa ya yafe ba ya goge komai, sai ya shiga asusunsa ya janye ƙorafin. Ta uku ita ce martanin shari'a da ake kira counter notification a allon, idan kana da tabbacin kuskure ne ko kana da izini. Wanda ya yi ƙorafin yana da kwanakin aiki 10 ya nuna ya kai maganar kotu, in ba haka ba a dawo da bidiyon. Ka sani cewa cikakken sunanka da adireshinka za su isa gare shi, kuma magana ce ta shari'a. Rubuta "ba nawa ba ne" ko sunan mawaƙi a ƙarƙashin bidiyo ba izini ba ne.

Ga wurin da gogewa ke amfani. Wani mai ƙorafin yakan zaɓi ya ba ka wa'adin kwana 7 kafin a cire bidiyon. Idan ka ga irin wannan sanarwar ka goge bidiyon a cikin wa'adin, sitirayik ba zai hau ba. Da wa'adin ya cika, damar ta wuce.

Uku a nan ma suna rufe tasha, kuma hukuncin yana iya shafar sauran tashoshin da ke haɗe da asusun. Tashar da ke cikin shirin biyan kuɗi na YouTube tana samun kwana 7 na alfarma bayan na ukun, wanda a ciki ba ta ɗora sabon abu amma tana iya neman janyewa ko ta mayar da martani. Abin da ya sa wannan ɓangaren ya fi ba ni tsoro shi ne ukun suna iya zuwa a 'yan kwanaki kaɗan. Tashar da ta cika da yankakkun finafinan mutane, ranar da masu su suka waiwayo ba za ta samu sararin numfashi ba.

Ina da biyu na haƙƙin mallaka da ɗaya na dokokin dandali. Uku ke nan?

A'a, ba a tara su wuri guda. Saura ɗaya a rajistar haƙƙin mallaka, saura biyu a ɗayar.

Da'awar Content ID tana iya rikiɗewa ta zama sitirayik?

Ita kanta ba ta zama, amma gardama a kanta tana iya kai ka can. Idan ka ƙalubalanci da'awar, mai kayan yana da kwana 30 ya amsa. Yana iya sakin bidiyon, yana iya tsayawa a kan da'awarsa, yana kuma iya shigar da buƙatar cirewa, wadda ita ce ke zuwa da sitirayik. Saboda haka idan ka san waƙar ba taka ba ce kuma ba ka da takarda, kada ka danna Dispute don gwada sa'a. A cikin YouTube Studio akwai hanyar yanke wurin, ko kashe sautin, ko sauya waƙar.

Kuɗin tasha fa, za a tsayar?

Sitirayik ɗaya ba ya nufin an cire ka daga shirin biyan kuɗi nan take, tsofaffin bidiyoyi suna iya ci gaba da kawo abin da suke kawowa. Asarar tana zuwa ne ta hanyar makon da ba ka saki komai ba. Amma wanda bai shiga shirin ba tukuna, ko da ya cika mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, ba zai iya nema ba matuƙar akwai sitirayik na dokokin dandali a kansa, sai ya jira ya fita. Yawan karya doka kuma yana iya sa a dakatar da biyan kuɗin tashar gaba ɗaya, ko da ba a kai uku ba.

An aiko min da imel cewa za a rufe tashata cikin awa 24 idan ban danna wani wuri ba.

Kada ka danna, kada ka sauke fayil ɗin da aka liƙa. Ka buɗe YouTube Studio da kanka ka duba. Idan babu komai a Dashboard, babu hukunci. Da irin waɗannan saƙonni ake sace tashoshi, ɓarawon ya watsa tallan damfarar kuɗin intanet kai tsaye, a rufe tashar a kan laifin da mai ita bai yi ba. Haka duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi da lambar sirrinka zai cire maka sitirayik ta bayan fage, ƙarya yake. Idan kana da yaran da ke taya ka ɗora bidiyo, ka ba su izini ta sashen Permissions maimakon ka miƙa musu lambar sirri, ka kuma gaya musu abin da ba a sakawa, domin hukuncin a kan tashar yake sauka ko wane ne ya danna.

Idan an riga an rufe tashar?

Akwai fom na ɗaukaka ƙara a cikin saƙon rufewar, shi za ka cike. Idan rufewar ta haƙƙin mallaka ce, janyewar mai ƙorafi ko martanin shari'a su ne hanya. Buɗe sabuwar tasha da wani imel ya saɓa dokar YouTube, kuma idan aka gano za a rufe ta. A watan Oktoban 2025 YouTube ta sanar da wani gwaji da ke ba wasu da aka rufe damar neman sabuwar tasha bayan shekara ɗaya, amma daga sifili za a fara, ba tsofaffin mabiya, kuma bai haɗa da waɗanda aka rufe saboda haƙƙin mallaka ba.